Minti Biyu da Rabi a Bidiyon Dambu

Yayana tela ne a Dutsen Kura, amma shekarar da ya sayi babbar waya sai ya wayi gari ya zama kuku. Ya ɗinka wa kansa doguwar farar hula irin ta masu girkin otal, ya buɗe shafi a dandalin bidiyo, ya shiga koya wa duniya girki. Mutumin da har ya yi aure bai taɓa dafa ruwan shayi ba! Ni ƙanwarsa ce, na san abin da cikina ya sha a hannunsa, don haka ban taɓa ɓata datata a kan shafinsa ba, sai a kan bidiyo ɗaya tak.

Bidiyon dambun shinkafa ne, a kicin ɗin Innarmu ya ɗauke shi. Ya jingina waya a kan turmi yana ta zuba bayani, sai Inna ta shigo a minti na huɗu. Ba a ganin fuskarta, hannunta da gefen kafaɗarta kawai ake gani, sai muryarta da ake ji. Ta ce, "Kai, wa ya koya maka wannan aika-aika? Tururin duk yana tserewa, da me dambun zai dahu?" Ta kwaɓa garin kuka ta liƙe bakin madambaci da yatsa, ta bugi hannunsa da ya kai wa zogale, ta yi dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Minti biyu da rabi ta yi ta fita. Bayan wata huɗu Allah ya karɓi abarsa.

Inna ba ta yarda a ɗauke ta ba, ko hoto sai da faɗa, kuma ba ta iya tura saƙon murya ba. Wannan minti biyu da rabi shi ne duk abin da ya rage mana na muryarta. Kullum in na sallami yara makaranta sai in buɗe, in tsallake surutun Yaya, in saurare ta. Ban taɓa tunanin adana shi ba, ni ma da nawa sakarcin. Gani nake abin da ke intanet ai yana nan.

Wata Talata na buɗe, sai baƙin allo da ɗan rubutu, wai ba a samun wannan bidiyon. Na kashe waya na kunna, na sayi sabuwar data, duk a banza. Na yafa mayafi na hau keke mai ƙafa uku sai shagon Yaya.

"Wayarki ce ta tsufa," ya ce, ko ɗagowa daga keken ɗinki bai yi ba. Ya ciro tasa ya shiga shafinsa, sai ga bidiyon yana yi garau. Ya juyo min da allon yana murmushi kamar wanda ya ci shari'a.

Na karɓi wayar mai shagon kusa da shi, baƙin allo. Na karɓi ta wani da ya kawo ɗinki, baƙin allo. Na kira ƙanwarmu da ke aure a Paiko, ta duba ta ce ita ma haka. A nan murmushin ya gudu, sai kuma ya samo sabon bayani: maƙiya ne. Wai akwai wani mai gasa kaza da ke ƙyashinsa, shi ya tara mutane suka kai ƙararsa. Na ce, "Yaya, masu kallonka ko layi ɗaya ba za su cika a masallaci ba, kuma rabinsu 'yan gidanmu ne. Wane maƙiyi ne zai ɓata lokacinsa a kanka?" Sannan na tambaye shi na asalin, wanda ya ɗauka da waya. Ya sosa ƙeya. Wai ya goge tun tuni, waje ya cika, yana son ɗaukar bidiyon farfesu. Wallahi sai da na zauna a kan benci.

Akwai maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna da muke kira Maman 'Yan Biyu. Tana da shagon buga takardu, kuma ita ke ɗora bidiyon waƙoƙin cocinsu, don haka ta san dandalin ciki da waje. Ranar ba ta buɗe shago ba saboda babu wuta, a gida muka same ta tana tsince wake. Na ja Yaya har ƙofarta yana ta cika yana batsewa.

Ta goge hannu ta karɓi wayata, ta buɗe bidiyon farfesunsa, ya yi. Ta ce, "To ba sabis ba ne, kuma ba a rufe shafin ba. Wannan ɗayan ne ke da matsala." Ta karɓi tasa. "Kai kana gani ne don kai ne mai shi, kana cikin asusunka. Bari mu ga ko ka mai da shi na sirri ba ka sani ba."

"Ni? Ai na san kan wayata," in ji Yaya.

Ta shiga ɓangaren da masu shafi ke duba bidiyoyinsu. Ba a sirri yake ba. Amma a gefensa ga alama, an rubuta an toshe shi saboda haƙƙin mallaka. Ta tambaye shi ko bai ga saƙo a imel ba. Ya ce wane imel? Ta buɗe masa, saƙonni sun taru kamar wankin gidan biki, ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba, ga sanarwar tana zaune tun daren Litinin.

"Sharri ne!" Yaya ya miƙe tsaye. "Dambuna ne, tukunyar uwata ce. Wa ya mallaki dambu?"

"Ba dambu ba ne, Malam, zauna. Waƙa ce." Ta danna bayanin, ya nuna sunan wata waƙa da daidai inda take a bidiyon, daga minti huɗu zuwa shida da rabi. Ya rantse bai sa waƙa ba. Ta kunna wurin ta ƙure sauti, sai ga ta nan a bayan muryar Inna, tana tashi sarai.

Rediyon Inna ce. Duk wanda ya san Inna ya san ba ta taɓa tukunya sai da rediyo. Da ta shigo kicin, kafin ta ce komai, hannunta ya kai kan ƙaramar rediyon da ke rataye a ƙusa ya murɗa, da za ta fita kuma ta kashe don kada batir ya ƙare. Sau nawa na saurari wurin nan, ban taɓa jin waƙar a matsayin waƙa ba. A kunnena ƙarar kicin ɗinmu ce kawai.

Maman 'Yan Biyu ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba yaro magani. Ta ce ba mutum ne ya kai ƙara ba. Masu waƙoƙi suna ba dandalin waƙoƙinsu, na'ura kuma tana bin bidiyoyi tana gwada sauti, in ta ji ya yi daidai sai ta liƙa alama. Mai waƙa ne ke zaɓar abin da za a yi: wani ya bar bidiyon ya sa talla, wani ya toshe a wasu ƙasashe, wannan kuwa ya toshe ko'ina. Yaya ya ce to me ya sa sai yanzu, bayan wata da watanni? Ta ce wataƙila yanzu aka shigar da waƙar, ko mai ita ya canza shawara, hakan na faruwa.

"Zan yi jayayya," in ji Yaya. "A rediyo aka sa, kowa ya ji kyauta."

"Akwai wurin jayayya, amma wannan ba hujja ba ce. Gidan rediyo ke da izini, ba kai ba. Yanzu shafinka ba shi da laifi, bidiyon kawai aka toshe. In ka nace ba hujja, mai waƙar zai iya neman a cire shi gaba ɗaya, a rubuta maka gargaɗi."

Ta nuna masa hanyoyin da ke akwai. Zai iya yanke wurin, ko ya sa wata waƙar a kai, ko ya kashe duk sautin wurin, ko ya gwada goge waƙar kaɗai a bar magana, sai dai wannan na ƙarshe ba kullum yake yi ba. Sai ta ɗaga yatsa. "Amma kada ka taɓa komai tukuna. In ka gyara ka adana, ba ya komawa yadda yake. A fara sauke shi a ajiye." Ta gwada saukewa a wayarsa, waya ta ce babu waje. Ta ce ya zo shago gobe da safe ta sauke a kwamfuta.

Ban yi tunanin in ce a kunna wurin in ɗauka da wayata ba, kuma wannan yana cina har yau. Abin da na yi kawai, na riƙe hannun rigarsa a bakin ƙofa na ce, "Yaya, don girman Allah, gobe. Muryar Inna ce." Ya ce haba, shi yaro ne?

Bayan la'asar sai ga saƙonsa a zauren danginmu na waya: ya gyara matsalar da kansa, masu kallo su yi haƙuri da ɗan tsaikon da aka samu. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani abokinsa ne ya tsokane shi a shago cewa an kori kuku daga intanet, shi kuma ba zai kwana da wannan gori ba. Ya duba hanyoyin nan, ya ga ta goge waƙa kaɗai ba ta da tabbas, sai ya zaɓi mai tabbas, ya kashe duk sautin. Gargaɗin da ya fito cewa ba a komawa baya, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, yadda ya saba.

Na buɗe. Bidiyon ya dawo, gaskiya ne. Ga Yaya da hularsa yana zuba, muryarsa tangaram. Minti huɗu na cika sai ɗif. Hannun Inna ya shigo, ya kwaɓa kuka, ya bi bakin madambaci, ya bugi hannun Yaya. Na ga kafaɗarta tana rawa a gefen allo, na san dariya take. Na ƙure sauti har ƙarshe, na manna wayar a kunnena. A minti shida da rabi hannun ya fita, muryar Yaya ta dawo tana cewa kada a manta a danna alamar so.

Washegari Maman 'Yan Biyu ta duba a kwamfuta, ta juya ta sake juyawa, ta girgiza kai. Yaya yana tsaye a bayana. Can ya ce, a hankali, "Me ta ce ne ma a wurin? Bayan maganar tururi?"

Ashe bai taɓa tsayawa ya saurara ba. Na faɗa masa duka, kalma bayan kalma, don na haddace. Da na zo wurin dariyar sai na tsaya, ban iya ta ba.