Ranar da Na Fitar da Umma Daga Guruf ɗin Dangi

Wayar Umma ta cika har ta fara nishi. In ka taɓa ta yau, sai jibi ta amsa. Wata Asabar da hantsi Umma ta miƙo min ita, ta ce, “Rage mata kaya, tunda ke ce gwana.”

Ban sha wahalar gano ɓarawon ba. Guruf ɗin dangin Baba ne a WhatsApp, inda kowane kawu ke turo furen barka da Juma’a har ranar Talata. Na nemi wurin goge shi, wayar ta nuna sai an fita tukuna. Na fita. Na danna gogewa, ta tambaya ko a haɗa da hotuna da bidiyon da ya zuba a wayar, na ce a haɗa har da jikokinsu. Nan take waya ta koma amarya.

Da na yi wa yayana alfahari, sai ya ajiye cokalinsa a hankali.

“Ke, share saƙonnin ake yi, a bar mutum a ciki. Kin san admin na ganin wanda ya fita?”

“Wa ye admin ɗin?”

“Goggo.”

Goggo yayar Baba ce, matar da ko kaza ta wuce ba gaisuwa sai ta riƙe ta a rai. Yayana ya juyo min da wayarsa. Da safen nan ta sanar da bikin autarta, har da hoton atamfar anko. Kowa ya yi fatan alheri. A wayar Goggo kuwa, abin da ya biyo baya shi ne: Umma ta fita.

Na faɗa wa Umma. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan tabarma tana kallon wayar. Shekaru ta yi tana lallaɓa dangin nan kamar ƙwai.

Muka jira kira, shiru. Azahar ta wuce, shiru. Umma ta kira, aka ƙi ɗauka. Ni dai na fara yafe wa ƙannena duk abin da suka taɓa yi min.

Bayan la’asar keke ya tsaya a ƙofar gida. Tun daga unguwar Fadaman Mada Goggo ta zo, ta ƙi shan ruwa.

“Ashe bikin ’yata ne ya kore ki.”

“Wallahi Yaya, waya ce ta cika,” in ji Umma.

“Waya ba ta fita da ƙafarta.”

Umma ba ta ce ni ce ba. Ta dai dube ni, Goggo ta bi idonta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi murmushi. Gara a ce ta zage ni.

Kafin magariba aka mayar da Umma cikin guruf, ga shi fayau a wayarta, ba hoton anko, ba komai. Saƙon farko da ya shigo na Goggo ne: hoton tukwanen biki a jere, kowace za ta iya haɗiye ni. A ƙasa ta rubuta, “Alhamdulillahi, an samu mai wanke-wanke.”