Rabon Akwatin Ƙarfe

Ƙarshen damina ne, a shekarar da citta ta ruɓe mana a cikin ƙasa. Ka sa fartanya ka ɗago, sai ruwa da wari. Mutane sun rage dariya a shekarar, ko a zumuntar mata ta coci waƙa ba ta tashi sosai. A wannan shekarar ce ɗana na fari ya gama koyon kafinta, ɗan ƙanwata kuma ya gama koyon gyaran mashin, a wata ɗaya.

Ɗan nan nawa ya yi shekara shida a gidan ƙanwata a Kagoro, lokacin da yake makaranta. Ni na kai shi da ƙafata, ba wanda ya tilasta ni. Amma ya dawo yana kiranta Mama kamar yadda yake kirana. Idan muna zaune tare ya ce Mama, mu biyu muke juyawa, kuma sau da yawa ita yake nufi. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa abin yana cina ba.

Da yake babu citta, ba wadda za ta iya saya wa ɗanta sababbin kayan aiki. Sai na sayar da akuyata, muka haɗa hannu muka shiga kasuwar Kafanchan, layin masu tsofaffin ƙarafa. Wani dattijo yana da akwatin ƙarfe kore, ya ce na wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya rasu, ba ya sayarwa ɗaya-ɗaya, sai gaba ɗaya. Muka saya, muka ɗora a mashin zuwa gidana.

Na shimfiɗa buhu a tsakar gida muka zazzage. Na ce mu raba kamar naman watanda na Kirsimeti, babba ta fara ɗauka.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, bari in ware miki tukuna. Akwai na itace, akwai na ƙarfe." Mijinta bakanike ne, ta yi shekaru tana sayar da abinci a bakin garejinsa.

Na ce, "Na haifi yaron, zan iya zaɓa masa ƙarfe."

Ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta. "To, Yaya, bismilla."

Na zaɓa da idon mai sayen doya. Na ɗauki masu nauyi, masu kauri, waɗanda ƙarfe ne daga kai har gindi. Wasu akwai rubutu a jikinsu, na tsaya na karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina abin da aka sa wa suna ba zai zama na banza ba. Na ɗauki dogaye masu laushin zane a jiki. Na kwashe wasu gajeru kamar fensir. Na bar mata sirara masu tsatsa, waɗanda ƙotarsu ta itace ta fashe ko ta fita, da wasu biyu masu ƙuraje a jiki kamar kwanon da muke hudawa da ƙusa don goga rogo. Na ɗauka lalacewa suka yi. Duk lokacin da na miƙa hannu sai in ga bakinta ya motsa, sannan ta kau da kai. Ta ɗaure nata a leda ta kama hanyar Kagoro. Har wani daɗi na ji, wai na fi ta wayo.

Da la'asar ɗana ya dawo. Ya samu aikinsa na farko, zai sa ƙofofi huɗu a sabon gidan fasto ranar Litinin, kuma an ce ya zo da kayansa. Ranar da muka yi rabon kuwa Juma'a ce. Na shirya masa ƙarafan a kan tire kamar abincin baƙo.

Ya tsuguna ya ɗauki mafi nauyi, ya juya shi. Ya duba bakin ƙarfen.

"Mama, kin yi ƙoƙari. Allah Ya saka."

"Amma?"

"Wannan cizal ne, amma na yanka ƙarfe. Duba bakinsa, an wasa shi ta gefe biyu, kuma da kauri. Da shi ake sare kan ƙusa ko noti da ya ƙi fita. In na sa shi a katakon fasto zai tsaga ƙofar kamar itacen girki. Nawa siriri ne, gefe ɗaya a kwance sumul, gefe ɗaya ne kawai aka wasa, da ƙotar itace. Da shi zan fafe wurin zaman hinji, ƙarfen da ke riƙe ƙofa."

Na nuna masa dogayen masu zane. Ya ce fayil ne, na goge ƙarfe, a ɗanyen katako haƙoransu toshewa suke yi nan da nan. Abin da yake so shi ne magagari, mai haƙora a tsaye ɗaya-ɗaya. Gajerun kuma fanci ne: mai tsini na sa alama a ƙarfe kafin a huda, mai baki a daidaice na tura fin ya fita daga raminsa. Ya ware ɗaya tak, mai ɗan rami a baki, ya ce wannan nasa ne, da shi ake nutsar da kan ƙusa cikin katako.

"Babu wasu sirara a akwatin? Da masu ƙuraje?"

Na ce akwai, suna Kagoro.

Fuskarsa ta washe, ya yi dariya. "Ai shi ke nan! Mama ta ajiye mini su. Na san ta san kan abin. Gobe in je in karɓo."

Ni na tsaya a rana a kasuwa. Ni na sayar da akuyata. Amma a bakinsa Mama ce ta ajiye masa, kuma ba ni yake nufi ba. Na ga yadda goben za ta kasance: zai shiga gidanta, ta ba shi kunu, ta ɗauko ledar ta miƙa masa da hannu biyu, ta yi masa addu'a. Duk ƙofar da zai sa a rayuwarsa zai ce da kayan da ta ba shi ya fara. Kuma ba ta yi mini laifin komai ba, wannan ne ya fi zafi. Ta so ta ware mini, na hana ta.

Na ce, "Ba za ka je ba. Ka zauna ka sassaƙa ƙotoci."

"Mama, akwatin da nauyi."

"Kai ma da nauyi na ɗauke ka."

Washegari da safe na zuba ƙarafan a buhu, na hau mashin zuwa Kagoro. Na sami ƙanwata tana shara. Ta ga buhun, ta ce, "Yaya, da kin aiko yaron ai."

Na ce, "Yaron yana aiki. Kawo ledar."

Ta miƙo hannu za ta ware mini, na ce ta bari. Na zauna a kan turmi na juya kowane ƙarfe, ina duba baki, ina shafa haƙora da babban yatsa. Wanda aka wasa gefe ɗaya, na ɗana. Gefe biyu, na ɗanta. Ta kawo mini kunu na sha rabi. Da zan tafi ta ce in gaishe mata da ɗanta, nawa take nufi. Na ce zai ji, na ɗaure cizal biyar da magagari biyu a bakin zanina, na fita titi na tsayar da mashin.