Kukan da Baba Mai Aski Ya Daina Ji

Da ƙarfinsa ya fara ja baya, Baba Mai Aski ya bar tuƙin haya, amma ya ƙi rabuwa da motar. Ya mayar da ita shago. Kullum yakan faka a gindin bishiyar bakin tasha, ya buɗe but, ya fito da kujera da madubi. Wutarsa kuwa daga inbata take, wani ɗan akwati da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida.

Tasa ƙarama ce, mai wat ɗari da hamsin, a ramin kunna sigari yake soka ta. Injin aski da 'yar fanka, ko rabin ƙarfinta ba sa ci. Wani direba ya taɓa kawo butar lantarki a dafa masa ruwa.

"Wat dubu da ɗari biyar? Kai, so kake ka ƙona min fis? Jaki ne da ni, ba raƙumi ba!"

Da kunne yake tsaron batirinsa. In wuta ta yi ƙasa inbata takan yi ƙara, sai ya kashe komai ya tayar da mota ta yi caji. To, kunnen ne ya fara nauyi, shi kuma ya ƙi yarda. Sau biyu tana kuka har ta ɗauke kanta, aski a rabi, mota ta ƙi tashi. Masu jiran layi suka tura shi suna dariya, har da mai rabin kai. Shi ma ya yi dariyar, amma abin ya ci masa rai. Ya san in labari ya kai wa Auta, 'yarsa da ke kula da shi, za ta karɓe makulli ta ce ya huta. Ba abin da yake tsoro irin zaman gida.

Labari kuwa ya kai. Da hantsi sai ga ta a tasha. Ta miƙo hannu, ya zaro makullin ya ba ta.

Ta shiga gaban motar, ta soka wata 'yar na'ura mai jajayen lambobi, ta jona inbatar ta jikinta. Sannan ta zagayo ta ɓangaren kunnensa mai ɗan dama-dama.

"Baba, mai gyaran wuta ya ce jiran kukan nan ma kashe batir yake, kafin ta yi ƙara ya riga ya galabaita. Ka riƙa leƙa wannan. Da ka ga lambar ta kusa sauka sha biyu, ka tayar da mota."

"Ai ina jin kukan sarai," in ji shi.

"Na sani, Baba."

Ta saka masa makullin a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Ya juya yana ta goge madubin da ba ƙura a jikinsa, sannan ya ɗaga murya fiye da kima: "Wa ke kan layi?"