Gaisuwar da Shu'aibu Direba ya kai Zurmi

Ranar da Shu'aibu ya sha kaye a hannuna, a ƙofar gidana ne, gaban mai kifi da mata biyu da suka zo sayen daddawa. Musu ya haɗa mu. Ya ce tsohon ogansa, Malam Nuhu, ko tari ya yi a waya zai gane shi ne. Na ce shekara bakwai ba ka kira mutum ba, ko uwarka ce sai ta tambaya. Ya fiddo waya, ya buɗe murya don kowa ya ji, ya gyara tsayuwa kamar mai shirin kiran salla.

"Salamu alaikum, Oga. Ni ne."

"Wa alaikumus salam. Kai ne wa?"

Shu'aibu ya kashe wayar. Wai sabis ne ba kyau. Mai kifi ya yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunsa.

Shu'aibu haya yake yi a shagon zaurena a nan Ƙaura Namoda. Mutumin wani ƙauye ne bayan Kurya Madaro, ƙauyen da yanzu ko akuya ba ta kwana cikinsa saboda 'yan bindiga. Da suka taso daga ƙauyen, ya kai matarsa da 'ya'ya uku gidan iyayenta a Moriki, shi ya zo nan yana kabu-kabu da babur. Ɗakin nasa ba ya ɗaukar mutum biyar, abin da babur ke kawowa kuma ba ya kama wanda ya fi shi. Shi kaɗai yake cin tuwo, bayansa jingine da bango. In ya gama sai ya wanke kwano, ya sake wanke babur ɗin da ya riga ya wanke. Ni ce abokiyar hirarsa, kun ga kuwa mutum ya kai ƙarshen rashi. Angona nake ce masa, ya ce shi bai auri mai haƙori huɗu ba.

Amma da can direba ne na gaske. Shekara biyar yana jan motar wata ƙungiya mai kai magani ƙauyukan Shinkafi, Malam Nuhu ne mai kula da motoci da direbobi. Da aikin ya ƙare, Malam Nuhu ya ce in wani ya taso zai neme shi. Bai neme shi ba. Shu'aibu ya ce shi ma ba zai kira ba, kada a ce roƙo yake. Da girman kai kuɗi ne, da angona ya sayi tirela.

Abin da ya tono tsohuwar lambar shi ne labarin da ya ji a tasha: Malam Nuhu yana wata ƙungiyar a Zurmi, kuma za su ɗauki direbobi biyu. Albashin wata guda na irin wannan aiki zai kama ɗaki biyu, ya ɗauko iyalinsa daga gidan surukai.

Bayan kayen da ya sha, ya zauna yana rubuta saƙo. Na ce karanta mini.

"Oga barka da aiki, Shu'aibu direbanka na Shinkafi ne, na ji ana ɗaukar direbobi."

"Shi ke nan? Babu yaya iyali, babu yaya tsohuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsohuwa tai ta rasu, Hajiya. Shekara huɗu ke nan."

"Ka tafi gaisuwa?"

"Hanya ba ta biyuwa lokacin."

"Wayar ma 'yan bindiga sunka tare ta?"

Ashe tsohuwar nan ta san shi. In sun biyo ta Zurmi ita ke dama musu fura, tana ce masa mai gudun tsiya. Na ce goge saƙon nan. Mutumin da bai yi maka gaisuwar uwa ba, ya ɓullo da maganar aiki, ko kai ne me za ka ce? Ka tafi ka yi gaisuwa tukuna.

Ya sayi goro, ya sa farar rigarsa, ya kama hanya ranar Asabar da hantsi, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Na gan shi yana cusa lasisinsa da tsohuwar takardar shaidar aiki a aljihu, na yi kamar ban gani ba.

Yadda ya ba ni labari daga baya, ya iske Malam Nuhu a gida. Da ya faɗi sunansa da lambar motar da ya ja, mutumin ya tuna. Aka shimfiɗa tabarma. Shu'aibu ya ce ya zo gaisuwar Inna ne, ya makara, ba shi da hujja. Suka yi mata addu'a. Malam Nuhu ya ce cikin direbobi shida da suka sha furarta, shi ne na biyu da ya tako. Suka yi hirar ranar da mota ta kafe musu a rafi, suka ci abinci. Da zai tashi, Malam Nuhu ya rako shi har bakin babur.

"To Shu'aibu, akwai wani abu?"

"Babu, Oga. Gaisuwa ta kawo ni."

Ya dawo da takardunsa yadda ya tafi da su.

Juma'a biyu yana kira, barka da Juma'a, ya yara, ya aiki. A ta uku ya tambaya, kuma ya yi ta yadda ya kamata: bai ce a ba shi aiki ba, ya ce ya ji ana neman direbobi, ta ina ake bi? Malam Nuhu ya ce ba shi ke ɗauka ba, ta intanet ake cikewa, sannan a kira mutum gwajin tuƙi. An kuma rufe tun Talatar da ta biyo zuwansa. Da ya faɗa ranar, da sun cike tare. Ya ce masa ya je ya sabunta lasisi, in an sake buɗewa zai turo masa sanarwa, Shu'aibu kuma ya sa sunan Malam Nuhu cikin waɗanda za su shaide shi. Yaushe? Wataƙila bayan damina, wataƙila baɗi, sai yadda kuɗin aikin suka zo.

Shu'aibu ya kira Moriki ya ce wa matarsa ta ƙara haƙuri. Ina jin sa ta taga, maganar ba ta kai minti biyu ba. Ya fito ya zauna a dakali, kwanon tuwo a gabansa bai buɗe ba.

Ni kuwa haushi ya cika ni, har da na kaina, sai na sauke shi a kansa. Ba shi ne kusa ba?

"Kai wane irin mutum ne? Ya tambaye ka da bakinsa, takarda na aljihunka, ka ce babu."

"Ke kika ce in yi gaisuwa tukuna."

"Na ce tukuna, ban ce ka haɗiye harshenka ba. Ga shi ɗiyanka za su sake shekara gidan mutane."

Ya buɗe kwanon, ya dube shi, ya mayar da murfin.

"Hajiya, shekara huɗu tsohuwar nan na jiran gaisuwata. Da na fiddo takarda bisa tabarmar nan, da har yau ban yi ta ba."