Kalmomin da Yaya ta goge

Yayata hoton kaya take ɗauka, jaka, takalma, turare, masu shago su ɗora a intanet. Da a shagon buga kati take aiki, ta bari ta sayi kamara, ɗakinmu ya koma wajen aiki, farin ƙyalle a bango, fitila biyu ɗaya ma da igiya aka ɗaure ta. To sai aiki ya ɗauke ɗif, har Baba ya ce in na wannan karon bai yiwu ba ta koma shagon katin, ita kuwa ta tsani wajen.

Na wannan karon wata mai shagunan takalma ce, ta ce a tura mata shafin Yaya na inda masu sana'a ke saka bayaninsu, da yamma za ta zaɓi mutum ɗaya. Yaya ko abinci ta kasa ci, ta kira ƙawarta Doguwa da ke aikin ɗaukar ma'aikata. Da Doguwa ta zo, ta karanta bayanin a tsaye, wai haziƙa, mai himma, mai kishin aiki, ta ce ko mai gyaran famfo zai rubuta haka.

"Ke me kike yi wa mutane, 'yar himma?"

Yaya ta ce ita ba ta iya yabon kai ba. Doguwa ta ce ai waɗannan kalmomin ne yabon kan, Yaya ta faɗi aikin kawai, kuma a layin farko don shi ake gani kafin a danna sauran. Yaya ta goge kalmomin, suka rubuta tana ɗaukar hoton jaka da takalma a farin bango, ta gyara haske, ta miƙa cikin kwana uku. Saura a nuna sakamakon aikinta. Doguwa ta ce lallai a sa aikin da Yaya ta yi wa wani mai jakunkuna, amma sai ya yarda. Kira biyu bai ɗaga ba, Yaya sai zagaye ɗakin take. Da ya kira ya ce kar a taɓa zancen cinikinsa, amma a rubuta ta ɗauki jaka tamanin, kuma masu dawo da kaya wai launi bai yi daidai da hoto ba sun ragu, wannan gaskiya ne. Haka ta rubuta ta tura.

Muka zauna muna kallon waya. Can ta yi ƙara, mai takalman ce ko gaisuwar kirki babu.

"Na ga kin ce farin bango. Rabin takalmana farare ne, ya za ki yi?"

Yaya ta ce ƙyalle ruwan toka za ta sa a baya. Sai matar ta ce gobe Yaya ta zo babban shagon da kamararta.