Muryar Yayana Bayan Na Gyara Ta

Yayana ba ya iya fara magana sai ya ce "wato". Tun muna yara muke tsokanarsa da ita, har mahaifiyarmu takan ce ko gobara ce ta tashi sai ya yi "wato" uku kafin ya nemi ruwa. Mutum ne mai ilimi, ya karanta aikin gona, yana noman shinkafa a fadamar wani ƙauye ta wajen Auyo inda ya yi aure. Amma in ya buɗe baki sai ka ji kamar ana tura amalanke a cikin yashi.

Ni kuwa a Haɗeja nake koyarwa, kuma a lokacin na tsunduma cikin wani shirin murya da nake sakawa a intanet, irin wanda ake ce wa fodkas. Hirar manoma da masunta nake ɗauka, in gyara a kwamfutata, in saka, in kuma tura ta waya, don yawancin masu saurarona ta nan suke ji. Ban iya kome ba da na fara. Shirina na farko wata ƙawata ta ce ta yi barci ta farka baƙon bai ƙarasa gyaran murya ba. Abin ya yi min ciwo, don haka na zauna na koyi yanka, kuma ba yabon kai ba, na iya.

Manhajojin da ke rubuta magana su tsinto maka kalmomin cike gurbi da kansu ba su san "ka gane" da "eh to" ba, saboda haka da hannu nake yi. Sai in ajiye asalin ɗaukar a gefe, in yi aiki a kan kwafi. In ƙara wa sauti gudu, ina ji ina sa alama duk inda aka yi "wato" ko "abin nan", sannan in dawo in bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na saba, ko ban kunna ba ina gane su a zanen sautin da ke kan allo, kamar yadda mace ke gane tsakuwa a cikin shinkafa. Dogon shiru kuwa akwai umarni guda da ke taƙaita shi gaba ɗaya: ka faɗa masa ƙasa da wane ƙarfi ne sauti ya zama shiru, da tsawon da za a bari, shi ke nan. Inda gwaninta take shi ne a ɓoye tabon. Ba a yanka a tsakiyar numfashi. Ana haɗa bakin yankan biyu su ɗan narke cikin juna don kada a ji "ƙas". In wurin ya yi tsit fiye da kima sai a cusa ɗan sautin ɗakin, wanda nake ɗauka kafin a fara hira, kowa ya yi shiru.

A shekarar da nake magana, kacala ta cinye mashigar ruwan da ke ba gonakin su Yaya ruwa. Ciyawa ce mai tsawo da taurin kai, in ta kama wuri ruwa ba ya wucewa, tsuntsaye kuma su samu gidan kwana. Mutanen ƙauyen sun saba bari sai rani su banka mata wuta. Yaya ya ce wutar taki ce kawai take ba ta. Shi a ganinsa a yi gayya tun ruwa na nan, a shiga da lauje a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya shaƙe ta ta ruɓe. Matsalar ita ce ba a yin gayya a wannan mashiga sai surukinsa, uban matarsa, ya ce a yi, don shi ne dattijon da ake ji a sha'anin ruwan. Dattijon kuwa bai ƙi ba, bai kuma amsa ba. Gonar Yaya ce ta ƙarshe a layin, in ba a buɗe mashigar ba ita za ta fara mutuwa.

Ni na kawo shawarar a yi hirar a shirina, su biyun. Dattijon ya yarda da murmushi, ya ce bai taɓa shiga rediyo ba. Muka zauna a zaurensa da hantsi, na maƙala wa kowa ƙaramin makirufonsa. Shi yana kan buzu, Yaya yana gefen tabarma a takure, kansa a ƙasa.

Dattijon ya yi bayaninsa tsaf, ya ƙare da cewa, "Mu dai haka muka taras, wuta ce maganinta."

Yaya ya yi shiru. Ya daɗe, har na ɗaga kai na duba ko na'urar ce ta tsaya. Can ya ce, "To... eh to, Baba... wato... wato dai... wuta ba ta kashe ta. Wato... ƙara mata ƙarfi take yi."

Haka aka yi ta yi har ƙarshe. Duk sanda dattijon ya sauke magana sai Yaya ya bar ta ta huce, ya yi ta kewaye, sannan ya ajiye tasa a hankali. Dattijon yana ta gyaɗa kai. Da muka tashi ya ce da ni, "'Yar nan, yayanki yana da magana. Bari mu ji abin da jama'a za su ce."

A hanyar komawa, ina bayan babur ɗinsa, Yaya ya ce, "Don Allah ki cire min wato-waton nan. Kada samarin garin su ji ina in'ina su ce ban san abin da nake faɗa ba."

Na ce, "Yaya, in na cire su me zai rage?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai ki cire."

Na cire. A yammacin ranar na gama, don yana so a ji kafin taron da za a yi bayan sallar Juma'a. Na bi "wato" da "eh to" na kwashe su kaf. Na sa umarnin shiru ya bi hirar gaba ɗaya, layin muryarsa da na dattijon a ɗaure tare don kada su goce, kowane dogon shiru ya koma ɗan numfashi. "Baba" ɗin ma da yawa sun tafi, don a maƙale suke a tsakanin "eh to" da "wato", kuma ya fi sauƙi a ɗebe guntun gaba ɗaya a yanka sau ɗaya. Akwai wata kurciya da ke kuka a bayan zauren, ita ta fi ba ni wahala, don in ka yanka a tsakiyar kukanta kowa zai ji. Na bi ta ita ma na daidaita. Da na kunna wa Yaya ta waya, sai ya ce, "Ashe haka na iya magana?" Murna yake yi, ni ma ina yi, na saka shirin na tura wa mutane. Mu biyun kalmominsa muke saurare, kuma kalmominsa daidai suke.

Abin da mutanen ƙauyen suka ji daban ne. Sun ji dattijo ya ce wuta ce maganinta, kafin ya rufe baki mijin 'yarsa ya ce, "Wuta ba ta kashe ta. Ƙara mata ƙarfi take yi." Ba jira, ba kara, kuma ba sau ɗaya ba, hirar gaba ɗaya haka take, dattijo na sauke magana yaro na tare shi. A wurinmu suruki ba abokin musu ba ne. Wasu ko cin abinci ba sa yi a gabansa. Shirun nan da na ɗauka ɓata lokaci ne, shi ne durƙuson Yaya, tunda mai saurare ba ya ganin tabarma.

Matar Yaya ce ta fara kirana. Ta ce, "Anti, haka ya yi wa Baba a gabanki?" Tana cikin gida lokacin hirar, ba ta ji ba. Na rantse mata ba haka aka yi ba, na ce gyara ne. Ta ce, "Ai ban ji inda aka gyara ba." Ban taɓa jin yabon aikina ya yi min ɗaci kamar ranar ba.

Na cire shirin daga intanet, na tura asalin ɗaukar ga duk wanda nake da lambarsa. Amma wa zai zauna ya saurari doguwar hira mai cike da shiru, alhali an riga an yanko guntun da ya fi zafi yana yawo daga waya zuwa waya? Wasu ma cewa suka yi na biyun ne na jabu, wai ƙanwa ce ke rufa wa yayanta asiri.

Na hau mota na koma wurin dattijon da kaina, na durƙusa, na fara ciro waya zan kunna masa. Ya ɗaga hannu.

"Bar shi, 'yar nan. Ina wurin. Yaron nan bai yi min rashin kunya ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni."

Na ce, "To Baba, gayyar fa?"

Ya ce, "Da na yi niyyar in ce a gwada. Yanzu in na ce, cewa za su yi yaro ya daka min tsawa a rediyo na bi. 'Ya'yana maza ma ba za su shiga ruwan ba. A bari maganar ta kwanta tukuna."

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Kafin maganar ta kwanta ruwa ya janye, aka banka wutar kamar kullum, kacalar ta dawo kore shar. Gonar Yaya ba ta samu ruwan kirki ba. Yanzu aron wata gona yake yi ta wajen Kafin Hausa, kullum yana kan babur.

Bai taɓa ɗora min laifi ba. In na tayar da zancen sai ya ce, "Ai ni na sa ki." Gaskiya ne, amma ba ta rage min kome. Ni na zauna a zauren, na ga kansa a sunkuye, kuma ni na ga shirun a kan allo, fili fetal, ban tuna me yake yi a cikinsa ba. Har yanzu ina shirin, har yanzu ina yanka, don ba wanda zai saurari gyaran murya. Sai dai in ƙarami na amsa wa babba, nakan kashe umarnin nan in bi wurin da kunnena.

Auren yana nan lafiya, Yaya yana zuwa gaida surukinsa kamar da. A bara matarsa ta gaya min an sake taro a kan mashigar, kacala ta kai har gonakin tsakiya. Dattijon da kansa ya juyo a gaban jama'a ya ce wa Yaya, "Kai me ka gani?"

Ta ce Yaya bai ko yi jinkiri ba. Ya ce, "Duk yadda manya suka ce, Baba."