Burtalin da Aka Rufe

Ina ƙaramin lauya a Dutse, ofishina ɗaki ɗaya da fankar da ƙara kawai ta iya, wani dattijo makiyayi ya zo mini daga wata ruga a can bayan Kiyawa. Ya ƙi kujera, ya zauna kan tabarmar sallata, muka daɗe muna gaisawa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Da kaka shanun wasu baƙi suka faɗa gonakin gero, aka yi faɗa har aka zubar da jini. Sai ƙaramar hukumarsu ta kafa doka ta rufe burtalin, wato hanyar shanu da ta ratsa gonaki zuwa mashaya. Ba dabba, ba mutum, kuma ba ranar buɗewa. Ga shi rani ya shigo, an kwashe amfani, amma doka na nan. Sai dai su yi dogon zagaye kafin shanu su sha ruwa, har maruƙa sun fara mutuwa.

Na rubuta ƙara kan ma'aunin da muka saba da shi. Kotu ba ta soke matakin hukuma don kawai alƙali yana ganin da shi ne da ba haka zai yi ba. Sai an nuna cewa matakin ya kauce wa hankali ƙwarai, har babu hukuma mai tunani da za ta ɗauke shi. Na fassara wa dattijon da Hausa. Ya girgiza kai.

"Lauya, ba za a faɗi wannan da sunana ba. Ciyaman ba mahaukaci ba ne. Jini ya gani, ya tsorata. Ko ni ne zan rufe."

"Baffa, to me muka zo yi kotu?"

"Ya rufe da yawa ne, ɗana."

Raina ya ɓaci, don na sha wahalar rubutun nan. Na bayyana masa cewa haka lauyoyi ke magana, ba zagi ba ne. Ya ce shi bai san maganar da za a ce shugaba ba ya da hankali kuma a ce ba zagi ba. Bafulatani in ya kafe kan kunya, gara ka haƙura tun da wuri.

Da na huce na ga cewa ko ya yarda, da wuya mu ci. Wanda ya rufe hanya bayan an yi jina-jina yana da dalili, kuma tsohon ma'aunin a nan yake tsayawa. Akwai wani ma'aunin, na daidaito, wanda na karanta a makaranta amma ban taɓa tsayawa da shi gaban alƙali ba, domin kotunanmu ba su rungume shi a kowace irin ƙara ba. Ƙofarsa ita ce haƙƙin ɗan ƙasa. Tsarin mulki ya ba kowa 'yancin zirga-zirga, ya kuma yarda a taƙaita shi don zaman lafiya, muddin taƙaitawar ta zama abin da za a iya karewa a ƙasar dimokuraɗiyya. Dokar ta hana mutane ma wucewa, don haka muka samu wurin tsayawa. Na sake ƙarar kan wannan.

A kotu lauyan hukumar, wanda ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ya yi ta nanata cewa matakin na hankali ne. Na miƙe na ce mun yarda. Manufar mai kyau ce, kuma rufewar tana hana faɗa. Amma tunda an taɓa haƙƙi, hukuma ce za ta nuna cewa babu hanya mafi sauƙi, kuma amfanin ya kai nauyin da aka ɗora wa mutane.

Mai Shari'a ya dubi lauyan hukumar ta saman tabarau.

"Me ya hana a rufe wa shanu kawai, har a gama girbi? Yanzu da babu komai a gona, me ake karewa?"

Lauyan ya ce wannan hurumin hukuma ne. Da tsohon ma'aunin ake yi, da amsar ta wadatar. A nan ba ta isa ba.

An soke dokar, aka bar wa hukumar damar yin wata mai iyaka, ta kuwa yi: shanu ba sa bi sai an kwashe amfani. Har yau ina fahimtar alƙalan da ke ɗari-ɗari da wannan ma'auni, don yana kai su dab da kujerar mai mulki. Amma na ga abin da ɗaya ma'aunin ke bari ya wuce.

Na je ranar da aka buɗe burtalin. Garken ya ragu sosai, haƙarƙarinsu duk a waje. Babu wanda ya kora su, da kansu suka sheƙa zuwa ruwa. Na matso kusa da dattijon, na fara yi masa bayanin hukuncin. Ya ɗaga mini hannu, idonsa na kan shanu.

"Lauya, bari su gama sha tukuna."